Ku duba min wannan saƙon taya murnar aure kafin in tura wa abokin aikina

Talatu_A:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Wani da muke sashe ɗaya a wurin aiki za a ɗaura masa aure ranar Asabar. Mu ce sunansa Bashir, ita kuma Halima, duk da ba su ne sunayen ba. Shekara uku teburina na kallon nasa. Ba abokin zuwa gida ba ne, amma kuma ba baƙo ba ne, muna mutunci sosai. Amaryar ban taɓa ganinta ba, a katin gayyata kawai na ga sunanta. Ba zan samu halarta ba, shi ya sa nake so in tura gajeren saƙo. Tun jiya nake rubutawa ina gogewa. Ga abin da na tsaya a kai:

"Ina mai farin cikin amfani da wannan dama domin miƙa saƙon taya murna a gare ka bisa wannan gagarumin mataki da ka ɗauka a rayuwa. Aure ibada ne, sai da haƙuri da juriya. Ka riƙe ta amana. Yau dai ka shigo sahun manya! Allah ya ba da zuri'a ɗayyiba. Sai ka dawo, aiki na nan na jiran ka."

Na karanta na sake karantawa, wani abu bai zauna min ba amma na kasa gane ko mene ne.

DanAuta92:
Anti Talatu wannan ai ba saƙo ba ne, jawabin babban baƙo ne, saura a ba ki lasifika. Ki rubuta "Allah ya sanya alheri" ki tura ki huta. Ango ranar aurensa ko sunansa ba ya iya tunawa, balle ya zauna karanta gagarumin mataki.

MalamIdi_Sakatare:
Wa alaikumus salam Malama Talatu. Na yi shekaru ina rubuta wa ofis irin waɗannan takardu, har da na murna da na ta'aziyya, don haka na gane ciwon tun daga layin farko. Ki ƙirga kalmomin da ke gaban "taya murna". Goma sha ɗaya ne, kuma babu ko ɗaya a ciki da ta ce wani abu. Wannan salon wasiƙar hukuma ne, wanda ake yi idan mai rubutu ba ya son a ji muryarsa. Ke kuwa muryarki ake so a ji. Ki tambayi kanki: da kin haɗu da Bashir a bakin ƙofa ranar, za ki buɗe baki ki ce masa "ina mai farin cikin amfani da wannan dama"? Ba za ki ce ba. Cewa za ki yi, "Ango, ina taya ku murna." To da wannan za ki fara.

Akwai kuma dalili na zahiri. Saƙo idan ya shigo waya, farkonsa ne kawai ke fitowa a fuska kafin a buɗe. Mutumin da ke cikin hidima sau da yawa iya wannan zai gani. Idan farkon ya tafi a shimfiɗa, murnar ta ɓuya ke nan.

Abu na biyu, kuma shi ya fi nauyi a wurina: saƙon gaba ɗaya da mutum ɗaya yake magana. Gare ka, ka ɗauka, ka riƙe, ka shigo, ka dawo. Halima ta fito sau ɗaya tak, a matsayin "ta", kamar kayan da aka ba shi ajiya. Alhali aure na mutum biyu ne. Ki mayar da "ka" zuwa "ku", ki sa sunanta a sama tare da nasa.

Talatu_A:
Baba Idi wallahi ban lura ba sai da ka faɗa. Amma ba zai zama shisshigi ba in kira sunan wadda ban sani ba?

MalamIdi_Sakatare:
A'a. Su suka rubuta sunan a kati suka ba ki. Abin da zai zama shisshigi shi ne ki yaba halinta alhali ba ki san ta ba, irin su "ka dace da mace ta gari mai tarbiyya". A ina kika sani? Shi ma ya san ba ki sani ba, nan take saƙon zai koma na baka. Ki dai kwafi sunan yadda aka rubuta shi a katin harafi da harafi. In an sa Haleemah kada ki gyara musu zuwa Halima.

Maman_Ikram:
Maganar Baba Idi ta "ku" ɗin nan ni shaida ce, ta ɓangaren amarya. Kwana biyu da aurenmu maigidana ya miƙo min wayarsa ya ce in taya shi amsa saƙonni, sun yi masa yawa. Ina cikin dubawa sai na ci karo da na wata da suke aiki tare. Doguwar magana, wai za su yi kewarsa, ofis ba daɗi in ba shi, ta sa alamar zuciya har uku a ƙarshe. Babu ni a ciki ko da kuskure. Ban ce komai ba, amma na riƙe sunanta. Daga baya da muka haɗu na gane baiwar Allah ce kawai mai yawan surutu, da kowa haka take. To amma na fi shekara ina yi mata kallon da ba ta ci ba.

Saboda haka Talatu, tunda ke mace ce shi namiji, ki rubuta da tunanin cewa a hannun amarya za a karanta shi. In za ta karanta ta yi murmushi, saƙon ya yi.

Garba_Direba:
Ni shawarata kada ki tsaya tsawo. In an ba ki dama ki miƙe ki yi sallama, ki gabatar da kanki cewa daga wurin aikinsa kike, minti biyu ya isa. Kada ki kalli takarda, ki kalli jama'a. Ni na taɓa yi wa ogana haka aka yi ta tafi.

DanAuta92:
Malam Garba ta ce ba za ta je ba fa. Lasifikar da na ambata wasa nake.

Garba_Direba:
Au, a waya ne? To a yi haƙuri, daga tsakiya na fara karantawa. Amma dai kada ya yi tsawo, wannan ban janye ba.

Sabon_Ango:
Bari wanda abin ya faru da shi kwanan nan ya sa baki, wata huɗu ke nan da nawa. DanAuta ya yi gaskiya rabi. Ranar ban karanta komai ba. Amma bayan kwana uku na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ake gane bambanci. Mafi yawa iri ɗaya ne: hoton zobe da furanni, ko wata doguwar addu'a da na samu daga mutum shida, kalma ba ta bambanta ba, ɗaya ma da alamar an turo ta daga wani wuri a samanta. Na amsa da amin, ban raina ba, addu'a ce. Amma ba zan iya gaya muku wa da wa suka turo ba.

Wanda na riƙe har yau layi uku ne, daga wani dattijo a sashenmu da ba ma doguwar hira. Ya ce ya lura tun da aka sa rana nake zuwa aiki ina gaishe da kowa har da na'urar buga takarda, ya ce Allah ya dawwamar mana da wannan farin cikin ni da ita, ya kira sunanta. Shi ke nan. Na karanta mata muka yi ta dariya. Abin da ya sa ya tsaya min, babu wanda zai iya tura wannan saƙon ga wani ango daban. Nawa ne.

MalamIdi_Sakatare:
Ango ya ba ki gwajin da nake shirin faɗa. Ki cire sunan da ke saman saƙon ki sa na wani. In har saƙon ya zauna daram bai canza ba, to ba ki rubuta wa Bashir ba tukuna. Jimla ɗaya ce ke gyara wannan, abu ɗaya da kika gani da idonki a shekara ukun nan. Ɗaya fa, ba uku ba. In sun yi yawa ya koma takardar shaidar aiki.

Talatu_A:
To abin da ya zo min shi ne wannan. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti, sati biyu Bashir yana ɗaukar rabin aikina, kuma bai taɓa ambata ba, ko ga shugabanmu. Sai daga baya na gano. In sa shi?

Maman_Ikram:
Ki sa halin, ki bar labarin. In kin kawo asibiti da mahaifiya, saƙon ya koma kanki, kuma ya zama sai ya yi wa amarya bayani. Ki ce kin san shi da taimako ba tare da gori ba. Wannan ya wadatar, shi zai gane abin da kike nufi.

Abu_Hanif:
Ban ga wanda ya taɓo addu'ar ba. Ga Musulmi akwai lafazin da ya tabbata daga Annabi (SAW) idan zai taya wanda ya yi aure murna: Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khair. Abu Dawud da Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito shi daga Abu Huraira. Ma'anarsa Allah ya yi maka albarka, ya saukar da albarka a kanka, ya haɗa ku cikin alheri. Ku duba gajartarsa. Ba nasiha a ciki, ba tsokana. Lokacin da Abdurrahman bin Auf ya gaya wa Annabi (SAW) ya yi aure ma, addu'ar da ya yi masa ita ce Barakallahu laka.

DanAuta92:
Malam ai tunda mutum biyu ne dole a ce lakuma da alaikuma. Laka kuskure ne, a katuna ma lakuma ake bugawa.

Abu_Hanif:
Ba kuskure ba ne ɗan uwa, laka shi ne lafazin ruwayar, domin da ango ake magana, sai a ƙarshe aka haɗa su a bainakuma. Inda ka yi daidai shi ne idan su biyun kake fuskanta, lakuma da alaikuma ne ya dace da nahawu, mutane da yawa haka suke faɗa. In amarya ce kaɗai, laki da alaiki. Abin da na fi gani shi ne a tura wa mace laka saboda an kwafo daga wani wuri. Wanda bai tabbatar da Larabcin ba ya rubuta da Hausa, Allah yana jin Hausa.

Rifkatu_J:
Ku ba ni dama in ƙara wani abu, ni Kirista ce kuma yawancin abokan aikina Musulmi ne. Da na yi aure wasu sun rikice, ba su san me za su rubuta min ba, har wani ya turo da wata ayar Littafi Mai Tsarki da ya nemo, wadda ba ta da alaƙa da aure ko kaɗan. Na yaba ƙoƙarin amma ba sai an kai nan ba. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya albarkaci gidanku" duk mu biyun muna faɗa, duk muna cewa amin. Ni ma abin da nake rubuta wa Musulmi ke nan, ba na aron Larabcin da ban iya ba. Ka yi addu'a da bakin da ka saba, shi ya fi kama da gaskiya.

Zainabu_K:
Ina ta jira wani ya yi magana a kan "zuri'a ɗayyiba", shiru. Talatu don Allah ki cire. Na san da kyakkyawar niyya ake faɗa. Amma ni shekara bakwai na yi kafin Allah ya ba ni haihuwa, kuma katin da 'yan ofis suka sa wa hannu yana cikin akwatina duk tsawon lokacin. Kusan kowa abin da ya rubuta ke nan, wani ma cewa ya yi nan da wata tara muna jiran suna. A shekara ta huɗu na daina iya buɗe katin. In uwa ce ko babbar yaya ta yi wannan addu'ar, ta san halin da ake ciki. Abokin aiki bai san me mutane suka tattauna tsakaninsu ba, bai san me likita ya gaya musu ba.

Hajiya_Binta:
Zainabu 'yata, na ji zafin abin da kika faɗa, Allah ya raya abin da ya ba ki. Amma ban yarda a cire ba. Addu'a ce fa. Wanda ya ce nan da wata tara, wannan ya yi wauta, sa wa mutane wa'adi ne. Amma roƙa wa ma'aurata zuri'a ta gari? In na karɓi saƙon aure babu wannan sai in ga kamar an rage min wani abu. Kada mu kai inda za mu ji tsoron yi wa juna addu'ar alheri.

Zainabu_K:
Hajiya ban ce haramun ba ne. Cewa na yi a layi huɗu daga wanda ba ɗan gida ba, akwai abin da ya fi shi dacewa. "Alheri" ai ya ƙunshi 'ya'ya ga wanda aka rubuta wa.

Abu_Hanif:
Abin da zan iya ƙarawa kawai: gaisuwar Larabawa kafin Musulunci ita ce bir-rifa'i wal banin, wato fatan haɗin kai da 'ya'ya maza, kuma an ruwaito cewa Aƙilu bin Abi Ɗalib ya hana a faɗa masa ita da ya yi aure, ya ce a yi masa addu'ar albarka. Malamai sun ambaci dalilai, ciki har da keɓe maza da rashin ambaton Allah a cikinta. Wannan ba hujja ba ce ta hana roƙon zuri'a, kada a fahimce ni ba daidai ba. Sai dai lafazin da na kawo a sama bai ambaci haihuwa ba, kuma babu wanda ya ce ya gaza.

Hajiya_Binta:
To Malam, ni dai zan ci gaba da sawa a nawa.

Kabiru_Akanta:
Ni tambayata daban ce, ku yafe min. A ofishinmu kati ɗaya ake zagayawa da shi kowa ya rubuta, kuma kullum ni ne na ƙarshe, sai in tarar an cinye wuri an kuma cinye kalmomi. Me mutum zai rubuta a ɗan lungun da ya rage?

MalamIdi_Sakatare:
Kabiru, a kati na taro layi ɗaya da cikakken sunanka ya isa, kuma ka rubuta sunan yadda za a iya karantawa, ba sa hannun banki ba. Amarya ba ta san ku ba. Maimaita abin da wani ya rubuta ba laifi ba ne a nan. Abin da ke na musamman ka tura shi daban, don kati kowa na karantawa, har shugaba.

Mu koma kan Talatu, akwai layi uku da ba mu taɓa ba. "Sai da haƙuri da juriya" da "ka riƙe ta amana" nasiha ce, kuma nasiha tana da masu ita: iyaye, waliyyai, malamai. Daga teburin da ke kallon nasa, za ta yi kama da kina zargin ba zai riƙe ba. "Yau dai ka shigo sahun manya" kuwa, a baki da dariya yana wucewa, a rubuce ba murya ba fuska, abin da ya rage shi ne "ka daɗe ba ka yi ba". Ba ki san me ya jinkirta shi ba.

DanAuta92:
Na ukun ni zan faɗa: "aiki na nan na jiran ka". Anti tsakani da Allah, mutum na hutun aure ki tuna masa da fayil? Ni a wurin da na taɓa aiki, ranar aurena wani ya turo "Allah ya sanya alheri, af, ina ka ajiye makullin durowa?" Har yau in na gan shi makulli nake tunawa.

Rifkatu_J:
Ashe kana da aure DanAuta, muna ta yi maka kallon yaro.

DanAuta92:
Auta ne a gidanmu, ba a gidana ba.

Talatu_A:
Kun kashe ni da dariya. Na gode ƙwarai. Ga sabon:

"Bashir da Halima, ina taya ku murna da zuciya ɗaya. Shekara uku muna aiki tare, na san Bashir da taimako ba gori, na kuma ga farin cikinsa tun da aka sa ranar nan. Allah ya sanya albarka, ya haɗa ku cikin alheri, ya ba ku zaman lafiya. Talatu, daga ofis."

Yaya yanzu? Kuma yaushe zan tura, yau ko ranar?

MalamIdi_Sakatare:
Yanzu na ji muryar mutum. Jimla uku, kowacce da aikinta: murna, abin da kika sani, addu'a. Ni da zan cire "da zuciya ɗaya". Jimla ta biyu ta riga ta nuna shi, kuma wanda ke cewa da gaske nake yakan sa a fara tambaya. Amma wannan ra'ayi ne, ba gyara ba. "Daga ofis" ɗin ki bar shi, saboda amarya.

Maman_Ikram:
Ni ki bar min "da zuciya ɗaya", haka muke magana ai. Baba Idi so yake ya aske saƙon har ƙwal.

Sabon_Ango:
Lokaci: kada ki tura kafin a ɗaura. Abin da ake turawa kafin ranar uzurin rashin zuwa ne, shi ma gara ki faɗa masa baki da baki kafin ya tafi hutu, kada ki cusa shi cikin saƙon murna. Ranar kuma da safe saƙonki zai nutse cikin na masu tambayar hanya. Ki bari zuwa yamma ko washegari. Ki tura masa kai tsaye, na zauren ofis ki sa gajeren amin ɗinki can daban. In bai amsa ba kada ki bi da "ka ga saƙona?" Ni akwai waɗanda sai bayan sati biyu na amsa musu.

Hajiya_Binta:
Ya yi kyau Talatu. Amma ga wuri nan bayan "zaman lafiya", kalma biyu kacal za ki ƙara.

Zainabu_K:
Hajiya!

Talatu_A:
Hajiya da Zainabu ku yi min afuwa, na ajiye shi yadda yake a waya, zuwa Asabar da yamma zan ga abin da yatsana zai yi. Kabiru kai kuma ka riƙa karɓar katin da wuri.

Kabiru_Akanta:
Teburina ne na ƙarshe kusa da taga, ba yadda zan yi.